Dillali ya ce a rage farashin gida a takarda

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi gida miliyan 20, lauya ya ce in tanadi harajin sitam da kuɗin rajista. Dillali kuma ya ce a rubuta miliyan 12 a takardar ciniki don harajin ya ragu. In yarda?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki yarda. Kason ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma mu ɗauka sitam kashi 2 cikin 100 ne. A kan miliyan 20 za ki biya 400,000, a kan miliyan 12 kuma 240,000. Ribar ke nan, 160,000. To a wurare da dama ba abin da kuka rubuta kaɗai ake dubawa ba. Hukuma na da nata mai ƙiyasta darajar gida, kuma wanda ya fi yawa tsakanin kuɗin ciniki da ƙiyasinta ake ɗora wa haraji. Idan suka gano an ɓoye gaskiya, ga cikon kuɗi ga tara.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A ce gobe wani magaji ya fito, kotu ta warware cinikin. Takardar da kika sa wa hannu ta ce miliyan 12 kika bayar. Sauran 8 ɗin da wace hujja za ki karɓo? Dillalin ya riga ya karɓi la'adarsa ya kama gabansa.

Abba: Ni a ganina ta biya sitam cikakke, ta bar rajistar sai ta samu sarari. Ai da an buga hatimi takarda ta zama ta hukuma.

Malam Sani: Abba, rabin maganarka daidai ne. Sitam haraji ne a kan takardar, kuma a ƙasashe da yawa kotu ba ta karɓar wadda ba a biya wa ba a matsayin hujja sai an biya da tarar jinkiri. Amma hatimi ba ya shigar da sunanta a kundin filaye, rajista ce ke yin wannan. Mai gidan yana iya sake sayar wa wani, shi ya riga ta yin rajista bai san da cinikinta ba, a ba shi gaskiya.

Baba Isa: Ni shago na kama haya ta shekara 25, aka ce in biya wannan sitam ɗin. Ashe ɗan haya ma bai tsira ba? Na zaci sai mai saye.

Zainab: Baba, doguwar haya ma ana biya, da kuɗin hayar da yawan shekarun ake lissafi. Amma wa ya kamata ya biya, ku ko mai shagon? Ku duba yarjejeniyarku.

Maman Ilham: Na gode. Malam, idan ƙiyasinsu ya haura miliyan 20 ɗin fa?

Malam Sani: Yana faruwa. Lauyanki ya nemi a sake dubawa, ya kai shaidar biya ta banki. Ko za su sauko, wannan ya danganta da dokar wurin.