Neman shawara: yarinya ta ce alƙali da alƙalami ba tushensu ɗaya ba

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Hausa nake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta. Asali ba darasina ba ne, mai yi ce ta tafi haihuwa aka haɗa mini da nawa, ga yara a gida, ga mahaifiyata ba lafiya, da daddare nake shirya darasi. Mun zo kan kalmomin aro daga Larabci, na ce musu duk kalmar da ta fara da "al" ta Larabci ce, kuma alƙali da alƙalami tushensu ɗaya, tunda da alƙalami alƙali yake rubuta hukunci. Sai wata yarinya 'yar Islamiyya ta miƙe a gaban aji ta ce ba haka ba ne. Ranar Litinin zan koma kan darasin. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi in riƙa gane tushen kalma?

Malam Sani Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar ce ke da gaskiya. Alƙalami daga al-ƙalam yake, baƙaƙensa uku ƙaf, lam, mim. Alƙali kuwa daga al-ƙadi, kuma wannan "l" ta ƙarshe da ta ruɗe ki ba lam ba ce ko kaɗan. Harafin da muke kira lodi ne a makarantar allo, wanda mutanenmu na da suke furtawa kamar "l". Tushen yana nufin yanke hukunci, ba ruwansa da rubutu. Shi ne dai Kadin da ake cewa a kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a.

Ki riƙe lodin nan da kyau, don zai buɗe miki kalmomi da yawa. Alwala daga al-wudu'u take. Farilla daga farida, lalura daga darura, lamiri daga damir. Har sunaye bai bari ba, Murtala shi ne Murtada, Rilwanu shi ne Ridwan. Saboda haka kafin ki nemi tushe, ki fara cire abin da bakin Bahaushe ya ɗora wa kalmar. Wani lokacin "al" ɗin ma ta lanƙwashe ta koma "l" kaɗai: liman daga al-imam, lahira daga al-akhira, lafiya daga al-afiya. Ɗauki littafi. Cire "li" na farko, mai da "t" ta farko ta koma "k", "f" kuma ta koma "b", sai ga kitab. Haka laifi yake komawa aib, wanda muka sake arowa a matsayin aibi. Lissafi kuma hisab ne, hisabin da muke tsoro ranar gobe.

Ummu Yasir:
Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake wa Hausa riƙon sakainar kashi a makarantun kuɗi. Duk wanda ba shi da aiki sai a miƙa masa. Ni ma haka aka yi mini a inda na bari, lissafi na karanta aka ce in riƙe Hausa tunda ai harshena ne, ko sisi ba a ƙara mini ba. Yaya, kar ki yarda yarinya ta raina ki. Ki wuce darasi na gaba kawai.

Maman Hanifa:
Na gode Malam. Amma ni ban ga inda na yi nisa da gaskiya ba, tunda dukansu biyu na Larabci ne. Kuma maganar "al" ɗin haka malaminmu ya koya mana. Albasa, alkama, aljihu, allura, wanne ne ba Larabci ba?

Malam Sani Zariya:
Waɗannan duka Larabci ne. To alawus fa? Daga Turanci yake. Alade daga Yarbanci. "Al" alama ce da za ta sa ki bincika, ba hujja ba ce. Kuma zamansu na Larabci duka bai sa su zama 'yan gida ɗaya ba. In kina son ki nuna wa yara amfanin tushe, ki ba su jim, mim, ain, wanda ke nufin tarawa. Jama'a mutane ne da suka taru, Juma'a ranar taruwa, jam'iyya taron masu ra'ayi ɗaya, jami'a inda aka tara fannonin ilimi, jam'i a nahawu abin da ya wuce ɗaya. Ki rubuta su a allo ki tambaye su me ya haɗa su, da kansu za su gano.

Amma kar ki dogara da kunne. Larabci yana da ha ƙarami, ha mai ruwa da ha kuri, mu duk "h" muke ce musu. Haram da haraji a bakinmu kusa suke, alhali na farko ha ƙarami ne, na biyu ha mai ruwa. Halal da halaka ma haka, ɗaya ha ƙarami, ɗaya ha kuri. Ki duba ƙamusun Bargery na 1934, yana sa alama a gaban kalmomin da suka zo daga Larabci, sannan ki nemi mai Larabci ya rubuta miki asalin.

Ɗan Maraɗi:
Malam, da girmamawa, ina ganin ana kai tushen nan inda bai kai ba. Almajiri daga almuhajir ne, wanda ya yi hijira. Yanzu in na ce ni almajirin Shehu wane ne, alhali a unguwarmu yake ban taɓa barin gari ba, ina hijirar? Fitila a Larabci lagwani ce kawai, mu kuwa har mai batir fitila ce. Jarrabawar Hausa za su rubuta, a koya musu ma'anar da Bahaushe ya ba kalma. Ko makaranta ma da madrasa ce, wa ya damu?

Malam Sani Zariya:
Makaranta ba daga madrasa take ba, ɗan'uwa. Karanta ce aka aro daga ƙara'a, tushen da Alƙur'ani ya fito, sai Bahaushe ya gina makaranta da "ma" ɗinsa kamar yadda ya gina masallaci da majema. Maganar fitila na yarda da kai, ma'ana tana tafiya. Amma tushe ne yake nuna hanyar da ta bi. Duba alhaki. Al-haƙƙ ne, wato haƙƙi. Me ya sa muke cewa alhakin wane ya kama shi? Saboda haƙƙin wani ne ya danne, shi ke bibiyarsa. Yaron da ya san wannan ya fi fahimtar kalmar.

Ɗan Maraɗi:
Kakata ba ta san ƙaf ba, amma ta fi mu sanin alhaki.

Abban Walid:
Malam don Allah tunda ana maganar sunaye, matata ta haihu jiya, mene ne ma'anar Rilwanu? Kuma da "l" za mu rubuta a takardar haihuwa ko da "d"?

Malam Sani Zariya:
Allah ya raya. Yarda yake nufi, kuma kowanne ka rubuta sunan ɗaya ne. Malama, ranar Litinin ki kira yarinyar nan ta rubuta kalmomin biyu da Larabci a allo, ki gina darasin a kan lodi.

Maman Hanifa:
Malam ba ka san ajin nan ba ne. In na ba ta alli a gabansu shi ke nan, kowa zai riƙa musu da ni har ƙarshen zango. Na dai kwafe misalin jama'a da Juma'a, da shi zan fara. Maganar alƙali zan ce musu akwai saɓani.

Malam Sani Zariya:
Babu saɓani a nan, Malama.

Ummu Yasir:
Ku bar ta ta yi yadda ta ga zai fisshe ta. Yaya, ya jikin Mama?