Shafi ɗaya ne ya ƙi buɗewa, sauran duk suna buɗewa

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya da la'asar nake son shiga shafin makarantar su Khalifa in ciro takardar biyan kuɗi, sai ya rubuto min "Server not found". Komai yana buɗewa a wayar nan, shi kaɗai ne ya ƙi. Jibi za su rufe.

Bashir Ƙofar Ƙaura: Wa'alaikumussalam. Hajiya ki duba data, ƙila ta ƙare.

Zainabu: Da me ta turo saƙon nan to, Bashir?

Baba Lawal Daura: 'Yata, kada ki yarda ki kai wayar nan wurin mai gyara. Bara haka ta same ni da shafin wata ƙungiyarmu. Na kai wa wani yaro a kasuwa, ya juya ta ya juya ta, ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, sai an wanke wayar gaba ɗaya. Na biya. Hotunan bikin autata duk suka tafi, har da lambobin mutane. Na dawo gida na gwada, rubutun nan dai yana nan daram. Sai bayan sati guda sakatare ya faɗa mana ashe kuɗin sunan shafin ne ba a sabunta ba, wa'adin shekara ya cika. A wayar kowa ba ya buɗewa, ni ne kawai ban tambayi kowa ba.

Bashir Ƙofar Ƙaura: Baba ai da Katsina kuka kawo ta da ba a yi haka ba.

Baba Lawal Daura: A Katsinar taku aka yi min, ɗan nema.

Malam Sanusi: Allah Ya mayar da alheri Baba. Maman Khalifa, rubutun nan ba ya nufin wayarki ta lalace. Waya ba ta san shafi da suna ba, da lamba take isa gare shi. In kin rubuta sunan, sai ta fara tambayar wata na'ura da ake kira DNS, galibi ta kamfanin layinki, lambar wannan suna. Kamar ki sauka a tasha ki tambayi ɗan acaɓa gidan wane. In ya ce bai san shi ba, ba ki ma kama hanya ba balle a ce an ƙi buɗe miki ƙofa. Sauran shafukan ya san lambarsu, shi ya sa suke buɗewa. Ki buɗe shi a Chrome ki turo abin da ke can ƙasa da ƙananan haruffa.

Maman Khalifa: Ga shi Malam

```
DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN
```

Malam Sanusi: Yauwa. Amsar da aka ba wayar ita ce babu wannan suna. Ko dai an kuskure harafi wajen rubutawa, ko sunan ya mutu irin na su Baba, ko kuma wanda kika tambaya ne ke riƙe da tsohuwar amsa. Fara duba ƙarshen sunan. `.edu.ng` daban, `.com.ng` daban, `.com` daban, kowanne gida ne mai zaman kansa.

Umar Mashi: Kwanan wata ne. Ki gyara agogon wayar, ni haka na yi tawa ta saki.

Malam Sanusi: Umar, na agogo gargaɗin tsaro yake kawowa, "Your connection is not private". Can an riga an sami shafin. Wannan ba a kai nan ba.

Zainabu: Ni tawa zafi take yi in ina caji, shi ma DNS ɗin ne?

Bashir Ƙofar Ƙaura: Ki daina kallo tana jone.

Maman Khalifa: Sunan daidai yake, daga takardarsu na kwafo. Na tura wa ƙanena a Sabuwar Unguwa, ya ce a tasa ya buɗe. Layinmu ba ɗaya ba ne.

Malam Sanusi: To shafin na raye ke nan. Na fi zaton kwanan nan suka taɓa saitin sunan. In DNS ya yi tambaya a lokacin da sunan ba ya nan, yakan ajiye amsar "babu" na wani lokaci, ya yi ta ba kowa ita har wa'adinta ya ƙare. Ki canza wanda kike tambaya. Shiga Settings, ki nemo Private DNS a wurin bincike tunda kowace waya da inda take ɓoye shi, ki zaɓi wurin rubuta suna ki sa:

```
dns.google
```

Daga Android 9 zuwa sama ake samun wannan. Ki kula da rubutun, don in harafi ɗaya ya kuskure komai zai tsaya, ba shafi ɗaya ba. In haka ta faru ki mayar da shi Automatic. Bayan kin sa, ki kunna Airplane mode ki kashe.

Umar Mashi: Ai da VPN ta sa an wuce wurin.

Malam Sanusi: Zai iya buɗewa, don shi ma yakan sauya DNS ɗin. Amma ni ba zan shigar da bayanan katin banki ta VPN na kyauta ba.

Maman Khalifa: Alhamdulillahi ya buɗe! Amma Malam, da na shiga wurin na tarar da wani suna a rubuce, Khalifa ya ce shi ya sa don toshe talla.

Malam Sanusi: Ah to. Irin waɗannan sukan haɗa da shafin da ba ruwansa su toshe. Ke nan ba ta layinki kike tambaya ba tun farko, zatona ya tashi. Da za ki mayar da nasa ki sake gwadawa da mun tabbatar.

Maman Khalifa: Wallahi ba zan taɓa ba sai na biya kuɗin nan.

Baba Lawal Daura: Sanusi, hotunan nan nawa fa, babu wata dabara?