Gashin gaban goshina ya ja baya, zai sake tsirowa kuwa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Gombe nake, ina neman shawara. Tun ina budurwa nake shafa rilaksa, saboda gashina mai tauri ne sosai, mataji ba ya shiga sai da hawaye, kuma mahaifiyata ce da kanta ta fara kai ni wajen mai gyaran gashi lokacin bikin yayata, don haka ba kwalliyar banza ta sa na fara ba. Kusan duk wata nake sake shafawa, washegari a yi mini ƙananan shuku, a wajen mace ɗaya da nake kitso shekara da shekaru. Yanzu gashin gefe biyu na goshina, daga saman kunne zuwa sama, ya tafi, sai wani siririn layin gashi da ya rage a can gaba. Ina shayar da yaro ɗan wata biyar, kuma bikin ƙanwata saura wata biyu. Zai dawo kuwa, kuma me zan shafa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki, babu gashin da ba ya dawowa. Ki tsefe kitson nan yau, kada ki kai gobe. Ki narkar da man kaɗanya, ki haɗa da man habbatussauda da garin hulba, sannan ki daka tafarnuwa ki riƙa goga wa wurin da ƙarfi safe da yamma har ki ji yana zafi, domin zafin ne alamar magani ya kama. Wanke kai kuma da karkashi, ki bar sabulan zamani. Kafin bikin, kanki zai cika.

Anti Ladi, ma'aikaciyar jinya: Hajiya ta yi gaskiya a kan tsefe kitson, shi ne maganin farko kuma shi ne babba. Amma Hajiya ki gafarce ni, ba kowane gashi ne yake dawowa ba, kuma ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata, wurin da ya riga ya raunana kuwa ba ya buƙatar ƙarin ƙuna.

Maman Hanif, abin da kika kwatanta shi ne likitocin fata suke kira tirakshan alofeshiya, wato zubewar gashi saboda yawan ja. Siririn layin nan da ya rage a gaba sananniyar alamarsa ce, domin waɗannan gajerun gashin hannun mai kitso ba ya kama su, na bayansu ne suke ɗaukar nauyin jan. Rilaksa kuma tana karya ƙarfin silin gashi ne kafin ta miƙar da shi, shi ya sa kitso mai tsauri a kan gashin da aka shafa wa jiya ya fi kowane haɗi ɓarna. Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla mako 8 tsakanin shafawa da shafawa, a taɓa sabon tsiro kawai, kuma a jira kamar mako 2 kafin a yi kitso.

Batun dawowa ya danganta ga ko saiwar tana raye. Ki wanke wurin, kada ki shafa mai, ki tsaya da madubi a hasken rana ki duba. Idan kika ga ƙananan ramukan gashi da 'yan gashi masu laushi kamar na jariri, akwai alamar zai dawo. Idan kuwa fatar ta yi sumul tana sheƙi, babu rami ko ɗaya, to saiwar ta mutu tabo ya maye gurbinta, kuma babu man da zai tsirar da gashi a nan sai dai dashe. Sau da yawa kai ɗaya yana ɗauke da duka biyun. Ba ki faɗa mana tun yaushe wurin ya fara ja baya ba, kuma ko kina samun ƙuraje ko ciwon kai bayan kitso.

Maman Hanif: Ciwon kai kam kowa yana yi a daren kitso, ina shan farasitamol ya wuce, ƙurajen ma 'yan kaɗan ne a bakin layi. Mai kitsona ba ta da laifi, ni nake cewa ta kama da kyau don ya kai mako uku, saboda ina zuwa aiki kullum. Ni a ganina haihuwar ce ta jawo.

Ummu Salma: Tabbas haihuwa ce. Ni ma bayan na haifi ta biyu gashina ya riƙa fita dunƙule-dunƙule a mataji, har uwar mijina ta ce wai don na ƙi yin wankan jego yadda ya kamata ne, maganar da har yau take yi mini ciwo. Ban shafa komai ba, kafin yarinyar ta shekara ya dawo.

Anti Ladi: Zubewar bayan haihuwa gaskiya ce, takan fara wata 2 zuwa 4 bayan an sauka, ta lafa da kanta, kuma wata biyar ɗin nan lokacinta ne. Sai dai ita daga ko'ina a kai take zubar da gashi, ba ta zuwa da ƙuraje ko zafi. Mai yiwuwa ta zo ne ta bayyana ɓarnar da ja ya daɗe yana yi. Ki nemo hotunanki na kafin ciki ki duba goshin. Kitson da sai an sha magani kafin a yi barci ya yi tsauri, ƙurajen nan kuma kumburin saiwa ne, kuma shi ne yake zama tabo idan aka ci gaba.

Zainabu mai kitso, Bauchi: Kullum mu ake ɗora wa laifi. Mace za ta zo da kai jiya aka shafa masa rilaksa, fatar har da ɓawon ƙuna, ka ce ta bari ya huta ta ce biki gare ta. In ka sassauta hannu, kwana huɗu ta ce kitsonka ba ya ƙarko ta koma wajen wata. Shawarata, a yi miki manyan kitso guda shida zuwa takwas, a bar gashin gaba kwata-kwata ba a kama shi ba, kuma ki daina ɗaure ɗankwali tamau a daidai wurin.

Hajiya Babba: Mu dai mun yi kitso shekara arba'in ba mu san wani likitan gashi ba. Ki yi abin da na ce, 'yata. Maƙwabciyata ma wani ruwa ta saya a kemis ta haɗa da man kaɗanyar, gashi ya fito.

Anti Ladi: Ruwan nan minoksidil ne, akwai mai kashi 2 da mai kashi 5 cikin ɗari. Yana taimakawa inda saiwa take raye, amma sai an yi watanni ana shafawa, farkon farawa yakan ƙara zubar da gashi, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ta fara shi sai da izinin likita. Man kaɗanya yana laushi da rage karyewa, ban hana ba, amma ba shi yake tayar da saiwa ba. Gashi kusan santimita 1 yake tsawo a wata, don haka ko komai ya tafi daidai, sai bayan wata 3 zuwa 6 za ki ga canji, cikar wurin kuma tana iya kai shekara. Tunda akwai ƙuraje, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ki nemi ganin likitan fata. Zai duba da gilashi ya raba miki wurin da ya mutu da wanda yake raye, ya ba da maganin kumburi idan da buƙata, a kuma auna jininki, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe bayan haihuwa yana ƙara zubewa.

Maman Hanif: Na gode muku duka. Na duba a rana, gefen hagu akwai 'yan gashi masu laushi, na dama kuwa ban gane ba, kamar yana sheƙi. Tafarnuwar zan bari. Amma gaskiya ba zan iya zuwa biki da manyan kitso da gashi mai tauri a ƙasa ba, kuma rabin miƙaƙƙe rabin murɗaɗɗe ma karyewa yake yi. Ina tunanin in shafa rilaksa sau ɗaya kawai kafin bikin, in ce ta sassauta hannu, sai in fara hutun bayan nan. Anti Ladi, sau ɗayan zai yi illa sosai ne?