Hoto ɗaya ya isa a fitar da mutum yana tafiya a gem?

Ɗan Jidda: Salam 'yan uwa. Ina haɗa ƙaramin gem a manhajar RPG Maker MV, mutum yana yawo a lungunan Balad, tsohon garin Jidda, kuma so nake ni ne a ciki. Hoton Sallah ɗaya gare ni, farar jallabiya da hula, ina kallon kyamara. Abokina ya ce wai hoto ɗaya ya isa a fitar da duk firam ɗin tafiya kuma zanen bai canza ba. Gaskiya ne?

Ɗalibin Madina: Ya isa mana. Ka yanka hoton gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, ƙafa daban, ka ɗan juya su a kowane firam sannan ka rage girman. Tunda daga hoto ɗaya suka fito dole su yi kama da juna.

Yaya mai zane, Makka: Ƙanena wace ƙafa zai yanka, mutumin da jallabiya ta rufe har idon sawu? Kuma MV firam 12 yake nema, jere huɗu, ƙasa, hagu, dama, sama, kowane jere firam uku, kowane firam fiksel 48 a 48, ya'ani takardar duka 144 a 192 in mutum ɗaya ne ka sa $ a farkon sunan fayil. Hotonsa jeren farko kawai ya ba shi, shi ma na tsakiya, wanda yake tsaye. Gefe da ƙeya babu su a hoton, da hannu za a zana.

Ɗalibin Madina: To amma na gaban dai hanyata ta yi ai Yaya.

Yaya mai zane, Makka: Rabi ta yi. Inda take ɓaci wurin ragewa ne, duk sanda ka juya hannu ka rage hoton sai kwamfuta ta gauraya fiksel na kusa da juna ta haifo sabon launi, firam na ɗaya farin rigar ya ja toka, na uku ya ja shuɗi, in ka kunna sai ka ga rigar tana ƙyalƙyali kamar ana kashe fitila ana kunnawa. Ni da a ce aikina ne, sau ɗaya tak zan rage hoton, in ɗora zane a kai a manhajar zanen fiksel ta Aseprite, in tsayar da launi kamar 12, fari uku, fata uku, na layin gefe ɗaya, sauran na hula da gemu da takalmi, sai in mai da fayil ɗin Indexed don kada wani launi ya shigo ta bayan gida. Wannan firam ɗin na tsaye shi ne uwa, sauran duk shi ake kwafa a gyara, ba a sake komawa kan hoton.

Hajiya daga Riyad: Ni da na yi wa ɗana, bidiyo na ɗauke shi yana tafiya a tsakar gida na tsinci firam takwas, ya fito da kyau wallahi. Me ya sa ba za ka yi haka ba?

Ɗan Jidda: Hajiya ai hoto ɗaya ake gardama a kai. Yaya to ya jallabiya za ta nuna tafiya?

Yaya mai zane, Makka: Bakin riga da takalmi ne za su yi aikin. A jeren gaba, firam na hagu, takalmi ɗaya ya leƙo ƙasa ɗayan ya ɓuya, bakin rigar ya karkata fiksel ɗaya ko biyu wajen ƙafar da ta yi gaba, hannun ɗaya ɓangaren ne zai fito, ba na ɓangaren ƙafar ba. Jiki da kai su sauka fiksel ɗaya. Na dama akasin haka. Fuskar kuwa kada ka taɓa ta sam, matsar da ita kawai za ka yi. Ka kunna Onion Skin, wanda ke nuna firam na kusa dishi-dishi tare da wanda kake kai, ka duba, in hula ta ƙara faɗi ko ƙafar da ke ƙasa ta bar layinta, nan zanen yake fara rawa.

Ɗalibin Madina: Na gefe ko, a zana hagu a juya shi ya zama dama, an rage firam uku.

Yaya mai zane, Makka: Ana yi, amma aljihun ƙirji da biro za su koma dama, inuwa ma ta sauya gefe. Ko dai ka gyara su ko ka cire aljihun tun farko.

Ɗalibin Madina: A fiksel 48 wa zai lura da biro fisabilillahi. Kuma har yanzu ina kan bakana, tunda launi da kamanni duk daga hoton suka fito, hoto ɗaya ya isa kenan.

Yaya mai zane, Makka: Ya isa wa launi da gemu, na yarda. Tsawon hanci ta gefe fa, daga ina za ka samo in ba ƙirƙira ba?

Ɗan Jidda: Bari in fara da ukun gaba daren nan in turo ku gani. Aljihun dai ba zan cire ba.