Tambaya kan hujjar cewa e ba ta rubutuwa a matsayin a/b

Assalamu alaikum malamaina. Ni ɗalibi ne a wata jami'a nan Legas, a Agege nake zaune. Ina ta fama da hujjar nan ta Fourier, na cije a wuri guda.

Farkon na gane shi. Mun ɗauka e = a/b, a da b cikakkun lambobi ne, kuma e = 1 + 1/1! + 1/2! + 1/3! + … Sai mu ninka komai da b!. Ɓangaren hagu ya zama cikakkiyar lamba, haka ma jimillar gaɓoɓin farko har zuwa 1/b!. Kenan dole ragowar, wato 1/(b+1) + 1/((b+1)(b+2)) + …, ita ma cikakkiyar lamba ce. Saura a nuna tana tsakanin 0 da 1, inda babu cikakkiyar lamba, don a rushe abin da muka ɗauka.

Na gwada da b = 3: 1/4 + 1/20 + 1/120 + … ya ba ni kusan 0.31, ƙasa da 1/3. Amma gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Malaminmu ya ce a kwatanta ragowar da jerin 1/(b+1) + 1/(b+1)² + …, wanda jimillarsa 1/b ce.

Nan ne matsalata. Idan b = 1, iyakar ta zama 1 daidai. Yaya zan rubuta cewa ragowar ƙasa take da 1/b sosai, ba daidai da ita ba? Ya isa in nuna gaɓa ta biyu ta fi takwararta ƙanƙanta, tunda b+2 ya fi b+1? Don Allah a warware mini.