Neman shawara: wace asara ce za ta koya wa yaron labarina haƙuri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta gajeren labarin wani matashi da ya bar shagon ubangidansa a kasuwar Dawanau ya fara sayen wake da kansa, kuma ina son ya tafka babbar asara ta farko wadda za ta koya masa haƙuri. Na sa gobara ta cinye kayansa, amma da na sake karantawa sai na ji labarin bai zauna ba. Ina neman shawararku.

Wani tsohon ɗan kasuwar hatsi: Wa alaikumus salam, ɗana. Gobara ba ta tambayar wanda ya yi gaggawa da wanda ya yi haƙuri, saboda haka yaronka ba shi da abin da zai gyara bayanta. Ka bar waken ya kayar da shi. Ka sa ya fita kasuwannin ƙauye da kaka, jarinsa rabi nasa rabi bashi, ya haɗa buhu 30 cikin hanzari don gudun kada farashi ya tsere masa. Wanda ya san sana'ar yakan ciji ƙwaya ya ji ko ta fashe da ƙara, domin wadda ta lotsa a haƙori ba ta gama bushewa ba. Yakan kuma soka ƙarfe tsakiyar buhu saboda algus, sannan ya duba bayan ƙwayar ko akwai ɗige-ɗigen fari a manne, waɗanda su ne ƙwan ƙwari. Shi kuwa yaronka bakin buhu kawai ya duba.

Ƙwaron wake yakan kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin kusan wata guda, don haka idan yaron ya kulle sito ya tafi yana lissafin riba har wata uku, zuriya ta uku zai tarar. Ranar da ya buɗe, zai ga gari a gindin buhunan, ya cusa hannu ya ji ɗumi, ya ɗebo ya ga ƙwayoyin duk huji. Irin wannan wake ya rage nauyi, ba ya yin iri, kuma dillali zai taya shi yadda ya ga dama saboda ya san mai bashi yana bakin ƙofa.

Wata 'yar'uwa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar maka da mafi alheri, Malam, kuma don Allah kada ka sake cin bashi ka yi ajiya.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya, amma labari ne nake ƙirƙira, ba ni abin ya sama ba.

Wani mai sayar da masara: A ganina haƙurin ɗan kasuwa shi ne riƙe kaya. Ka sa yaron ya tsorata ya sayar da wuri, bayan sati biyu farashi ya tashi yana kallo.

Tsohon ɗan kasuwar hatsi: Hakan yana faruwa, Alhaji, amma riƙo ba kullum yake biya ba. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma da yawa daga waɗanda suka tara hatsi da tsada a kakar 2024 sun jira tashin farashi a 2025 sai suka ga yana sauka. Su ma cewa suke haƙuri suke yi.

Wata malamar Hausa: Ni abin da zan ƙara ya shafi rubutun. Kada ka bari wani dattijo ya zaunar da yaron ya yi masa wa'azi a shafin ƙarshe. Ka nuna mana shi a kaka ta gaba yana sayen buhu 5 kacal, yana shanya waken a rana, yana zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga har ƙwarin su mutu, yana ɗaure kowace leda daban alhali abokansa suna loda mota suna yi masa dariya. Wurin da ya fi nauyi kuwa shi ne ranar da zai koma gaban ubangidan da ya bari ba da sallama mai kyau ba. Ni da zan sa ubangidan ya karɓe shi ba tare da ya ambaci waken ba ko sau ɗaya.

Mai sayar da masara: Malama, a kasuwa ban taɓa ganin ubangidan da zai yi shiru haka ba. Zai karɓe shi, amma sai ya mayar da shi kan awo da ɗinkin buhu tare da yaran da a da yake aike.

Mai tambaya: Baba, saura abu ɗaya. Bashin nan, daga ubangidan ya kamata ya fito ko daga mahaifiyar yaron?