Fari ne ya kashe aikin ban ruwa na Kudancin Chadi, ko tun farko an gina shi a kan kuskure?

Ɗalibar aji huɗu: Salamu alaikum. An ba mu aikin gida mu ɗauki wani aikin gwamnati da ya gaza, mu auna shi da ginshiƙan nasara goma na Pinto da Slevin, masanan gudanar da ayyuka. Na zaɓi aikin ban ruwa na Kudancin Chadi da ke Marte a jihar Borno, wanda ke ɗibar ruwa daga Tafkin Chadi. Da na ba kowane ginshiƙi maki, aikin ya ci kusan bakwai cikin goma: manufa a fili take, gwamnati ta mara masa baya, an samu ƙwararru. Don haka na rubuta cewa ba a yi kuskure a tafiyar da shi ba, fari ne kawai ya kashe shi. Malaminmu ya ƙi amincewa. Ina na kauce?

Ma'aikacin banki: Ni ina bayanki, ƙanwata. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya dawo bai kai 2,000 ba a tsakiyar shekarun 1980. Wane injiniya ne zai hana wannan? Abin da Allah ya saukar ba a ɗora wa manajan aiki.

Tsohon injiniyan ruwa: 'Yata, malaminki ya yi miki gata. Matsalar tana cikin haɗa makin ne. Ginshiƙan nan ba darussan jarrabawa ba ne da za a ce lissafi ya faɗi amma Hausa ta ɗaga shi. Idan abu ɗaya ya zama sifili kuma komai ya tsaya saboda shi, to shi ne ginshiƙin, sauran tara suna aiki ne a bayansa. A Marte wannan abu ɗaya shi ne ruwa ya iso bakin kanal, wato magudanar da ke jawo shi daga tafki, a watannin da ake shuka.

Ki lura da yadda na faɗe shi. Ban ce "akwai ruwa a tafki" ba. Bari mu yi lissafi a tsaye. Alkama a wannan yanki tana shan kamar kubik mita 6,000 a hekta ɗaya a kaka guda. A ce rabin abin da aka tura ya salwanta a hanya, ta tsiyaya da tururi, sai mu ce 12,000. Kashin farko na aikin hekta 22,000 ne, ya kama kubik mita miliyan 264. Kogin Shari, wanda ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin, a shekarun damina mai kyau yana kawo wajen biliyan 40. Ko a mugun fari abin da yake kawowa biliyoyi ne. Wato yawan ruwa bai taɓa zama matsala ba. Matsalar tsayinsa ce. An haƙa kanal na kusan kilomita 29 daga tafkin zuwa tashar famfo ta farko a Kirenowa, kuma sai fuskar ruwa ta kai kusan mita 280 sama da teku kafin ya shigo. A farkon shekarun 1960 tana wajen 283. Ratar mita uku kenan, a tafkin da rana ke shanye fiye da mita biyu daga samansa kowace shekara. Ƙasar wurin kuma shimfiɗe take. A ce tana gangara mita ɗaya a kilomita goma: ruwa ya sauka mita biyu, gaɓa ta gudu kilomita ashirin. Kanal ɗinki yana nan lafiya lau, bakinsa a busasshiyar ƙasa.

Ma'aikacin banki: To Baba, ai abin da muke faɗa kenan. Ruwan ya sauka. Wa ya sauke shi?

Tsohon injiniyan ruwa: Ba wanda ya sauke shi. Tambayar ita ce yaushe aka sani. A 1973 tafkin ya rabe biyu, tudun da ke tsakiya ya fito, ɓangaren arewa ya kama hanyar bushewa. A shekarar ce aka kafa hukumar raya yankin tafkin ta Najeriya. Babban ginin ya biyo baya ne, ba a fara ban ruwa ba sai 1979. Shekara shida kenan tafkin yana nuna halinsa a idon kowa ana ci gaba da zuba kankare. Kuma ba sabon hali ba ne. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya auna yankin a shekarun farko na ƙarni na ashirin, ya tarar da tafkin a tsuke, ya rubuta. A shekarun 1940 ma ya ja baya. Shekarun 1950 da farkon 1960, da aka ɗauka su ne yadda tafkin yake, su ne baƙi a tarihinsa na kusa.

Malamar tsare-tsare: Injiniya, na yarda da rabin maganarka, amma kada mu koya wa yarinya hikimar bayan fage. Wanda ke zaune a 1975 bai san 1984 na tafe ba. Abin da ya gani fari ne mai tsanani na 1972 da 1973, sai damina ta ɗan dawo, ɓangaren kudu na tafkin, inda aikin ke ɗiba, ya riƙe ruwa. Mai hankali ma zai iya cewa wucewa za ta yi. Inda nake ganin laifi ba rashin hango fari ba ne, rashin tanadin abin da za a yi idan ya zo ne.

Ɗalibata, koma kan jerinki. Akwai ginshiƙin sa ido da karɓar rahoto, akwai na magance matsalar da ba a zata ba. Nawa kika ba su, kuma da wace hujja? Idan saboda ana auna tsayin ruwa ne kika ba da maki, ki janye shi. Sa ido yana da amfani ne idan akwai lambar da aka rubuta tun farko cewa idan ma'auni ya sauka ƙasa da ita shekara biyu a jere, ba za a ba da kwangilar kashi na gaba ba. An tsara aikin kashi uku, jimilla hekta 67,000. Tsarin kashi-kashi amfaninsa kenan, ya ba ka wurin tsayawa. Amma an shiga kashi na biyu alhali na farko bai cika gonakinsa ba. A shekaru goman farko ba kowace shekara aka samu yin ban ruwa ba, kuma mafi yawan abin da aka shayar a kaka ɗaya wajen hekta 7,000 ne. Raba da 22,000, kusan sulusi. Raba da 67,000, kusan ɗaya cikin goma. Waɗannan lambobi biyu su ya kamata su buɗe rubutunki, ba bakwai cikin goma ba.

Ɗalibar aji huɗu: Na ba sa ido maki cikakke, Malama, saboda na ga akwai bayanan tsayin ruwa na shekaru. Yanzu na ga bambancin.

Wani daga Kaduna: Ku yi haƙuri, amma duk wannan Turanci ne. Boko Haram ce ta kori ma'aikata daga Marte, ta lalata kayan aiki. A dawo da tsaro, a jawo ruwa daga kogin Kwango kamar yadda ake ta faɗa, aiki ya tashi.

Malamar tsare-tsare: Ɗan'uwa, rikicin ya yi ɓarna, ba wanda ya musa, kuma ya katse ɗan noman alkamar da ake yi a lokacin. Amma ya zo ne bayan shekara talatin da buɗe aikin. Muna maganar abin da ya hana shi cika alkawarinsa tun yana sabo. Batun jawo ruwa daga Kwango kuwa tun shekarun 1980 ake yinsa, har yau a takarda yake.

Ɗan yankin Marte: Ni a can na tashi, bari in ƙara abin da jerinku ba ya gani. Kuna magana kamar da famfo ya tsaya noma ya tsaya. Kakanninmu suna dasa masakwa, dawar rani, a firgi, wato baƙar laka, bayan damina tun kafin a san injin, ba ban ruwa, laka ce ke riƙe danshi. Da tafkin ya ja baya kuma, mahaifina da 'yan'uwansa suka bi shi, suka shuka masara da wake a inda ruwa ya bari. Aka kafa ƙauyuka a cikin tsohon tafki. Abin da ya kashe aikin gwamnati shi ya buɗe wa mutane sabuwar gona. Da an zauna da su tun farko, tsoho ɗaya ya isa ya ce wannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya.

Tsohon injiniyan ruwa: Madalla, ɗana. A jerin yarinyar wannan shi ne tuntuɓar masu amfana, kuma mutane kan ɗauka ladabi ne kawai, a tara hakimai a sha lemo. A nan tushen bayanin fasaha ne. Ma'aunin zamani na shekaru kaɗan ne, tunanin mutanen gaɓa ya fi shi tsawo.

Ma'aikacin banki: Har yanzu ban sauka gaba ɗaya ba. Ku ɗauka ruwan bai gudu ba. Aikin nan sai an ɗaga ruwa da famfo hawa-hawa, da wutar da ake samarwa da mai a tashar Sabon Marte. An tsara shi lokacin kuɗin fetur na ambaliya, ya fara aiki ne dab da faɗuwar farashi a farkon shekarun 1980, sai ga tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar naira, kayan gyara kuma duk daga waje. Wa zai biya man? Kuɗin ruwan da manomin alkama zai iya biya ba zai ɗauki wannan ba. Ni a ganina ko da ruwa zai durƙushe, a hankali dai.

Malamar tsare-tsare: Ka ga yanzu ka bar "ikon Allah ne" ka koma "tsarin kuɗin bai tsaya ba". Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma tana tona wani gibi. Jerin Pinto da Slevin na 1987 an gina shi ne a kan aiwatar da aiki har a miƙa shi. Ba ya tambaya ko aikin da aka zaɓa shi ne daidai, ba ya tambaya wa zai ɗauki nauyin gudanar da shi shekara ashirin. Shi ya sa gini mai kyau a wurin da bai dace ba zai iya cin bakwai.

Tsohon injiniyan ruwa: Ni ban yarda kuɗi da ruwa nauyinsu ɗaya ba. Gwamnatin da ta hana shigo da alkama a 1987 da ta nemo kuɗin gas ko ta halin ƙaƙa, in da akwai abin da za a tura. Kuɗi ana rancensa.

Ma'aikacin banki: Ana rance, Baba, amma ka duba sauran madatsun arewa da ruwansu ke nan cike, nawa ne suka shayar da abin da aka yi alkawari?

Ɗalibar aji huɗu: To ni yanzu in jefar da jerin goman ne, ko yaya? Malam ya ce dole a yi amfani da shi.

Malamar tsare-tsare: Ki riƙe shi, ki cire jimillar. A gaban kowane ginshiƙi ki rubuta abu uku: hujjar da kike da ita, shekarar da alamar matsala ta fara bayyana, da shawarar da aka yanke bayanta. Sai ki ƙara layi biyu da babu a jerin, tsayin ruwa a bakin kanal da kuɗin gudanarwa, ki faɗi dalilin ƙara su. Gardamar Baba da mutumin banki ki kawo ta yadda take, kowa da hujjarsa. Idan za ki iya samun tsayin tafkin na kowace shekara daga 1960 zuwa 1990, ki ja layin mita 280 a kansa ki ƙirga shekarun da suka faɗi ƙasa.